Muryar Gida a Kunnen Na Nesa: Yadda Ake Rubuta Jawabin Bidiyon Neman Taimako

Ka ɗauki wani ɗan garinku da ke tuƙin mota a Jidda. Ya tashi aiki bayan isha'i, ya zauna bakin katifa, ya buɗe wayarsa. A zauren WhatsApp na 'yan garin an turo bidiyo, a ƙasansa an rubuta: a taimaka don Allah. A makon nan kaɗai ya ga irinsa uku ko huɗu. Kuɗin da ke aljihunsa da gumi ya same shi, kuma tuni akwai masu jiransa: mahaifiya, kuɗin makarantar ƙanne, kuɗin sabunta takardun zama. Zai danna bidiyon, zai ba shi ɗan lokaci kaɗan. Abin da muryar da ke cikin bidiyon ta faɗa a wannan ɗan lokaci shi ne zai sa ya kalla har ƙarshe ko ya wuce.

Wannan murya ba daga sama take faɗowa ba. Rubuta ta ake yi kafin a ɗauka, kamar yadda ake rubuta labarai kafin a karanta a rediyo. Ƙungiyoyin ci gaban gari, kwamitocin masallaci, tsofaffin ɗalibai da iyalan marasa lafiya duk suna yin irin wannan bidiyo a yau, amma kaɗan ne suke zama su rubuta abin da za a faɗa. Yawanci sai a kunna waya, a ce wa wani mai baki ya yi bayani. Sakamakon shi ne dogon jawabi mai cike da gaisuwa da roƙo, wanda mai kallo zai gama bai san nawa ake nema ba, bai kuma san hannun wa kuɗin zai shiga ba.

Na taɓa yin wannan kuskure da kaina. Shekarun baya na rubuta wa wata ƙungiya jawabin neman gudummawar gyaran ajujuwa. Na buɗe da gaida hakimi, da dagaci, da malamai, da dattawan gari ɗaya bayan ɗaya, na biyo da tarihin makarantar. Bidiyon ya kai minti bakwai. Bayan kwana biyu ƙanena da ke zaune a waje ya kira ni. Ya ce, "Yaya, na kalla har sau biyu. Nawa ne kuɗin? Kuma wa zan tura wa?" Na duba rubutuna, sai na ga babu amsar ko ɗaya a ciki. Daga ranar na gane cewa na nesa tambayoyi ne da shi, kuma aikin jawabin shi ne ya amsa su tun kafin a yi su.

Wa kake yi wa magana?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda ke gari zai iya takawa ya duba rijiyar da aka ce ta lalace, ya leƙa asibiti ya ga mara lafiya, ya tsayar da ma'aji a bakin masallaci ya tambaye shi lissafi. Wanda ke Kumasi ko Abidjan, Tamanrasset ko Landan, ba shi da wannan dama. Idonsa shi ne bidiyon, ƙafarsa ita ce muryar mai bayani. Saboda haka duk jimlar da za ka rubuta, ka tambayi kanka: shin wannan abu ne da zai iya kiran ƙanwarsa a gida ya tabbatar? Idan ka ce "mutane na shan wahala matuƙa", babu abin da zai tabbatar. Idan ka ce "rijiyar bakin kasuwa wata huɗu ba ta ba da ruwa ba", kira ɗaya ya ishe shi.

Abu na biyu, yawancin na waje sun taɓa ƙonewa. Wani ya aiko kuɗin gini shekara uku, ya dawo ya tarar da fili babu ko tubali. Wani ya ba da kuɗin aikin tiyata, daga baya ya ji cewa hoton na wata ƙasa ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kada ka ɗauki tambayoyinsa a matsayin rowa ko raini. Mutum ne da ke son ya bayar, yana neman dalilin da zai kwantar masa da hankali.

Masu kallo kuma iri biyu ne. Akwai ɗan gari, wanda ya san bakin kasuwa, ya san gidan wane, ya yi wasa a gindin tsamiyar da ke bayan mai magana. Akwai kuma baƙo: abokin aikinsa Balarabe ko Bature, ko 'ya'yansa da aka haifa a can waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Jawabi ɗaya zai iya ɗaukar duka biyun idan an yi shi da Hausar garin, aka sa fassara a rubuce a ƙasan hoto da Turanci, Faransanci ko Larabci gwargwadon inda 'yan garin suka fi yawa. Kada a sauya karin harshe don a burge kowa. Bakatsine da ke Amurka yana so ya ji Katsinanci, Ba'adare da ke Libiya yana so ya ji Adaranci. Karin harshen shaida ne cewa daga gida maganar ta fito.

Tsawo da ma'auni

Kafin ka ɗora alƙalami, ka san yawan kalmomin da kake da su. Mai karatu cikin natsuwa da Hausa yakan furta kimanin kalma biyu a daƙiƙa ɗaya. Ke nan bidiyon minti biyu zuwa biyu da rabi ba zai ɗauki fiye da kalmomi 250 zuwa 300 ba, wato shafi ɗaya na littafin rubutu. Wannan shi ne duk filin da kake da shi. Dogon bidiyo yana cin data, yana da nauyin turawa, kuma mutum ba ya tura wa abokinsa abin da shi kansa bai iya gama kallo ba.

Hanyar aunawa mai sauƙi ce. Ka rubuta, ka tashi tsaye ka karanta da ƙarfi, wani yana riƙe da agogon waya. Duk inda numfashinka ya yanke kafin jimla ta ƙare, jimlar ta yi tsawo, ka raba ta biyu. Duk inda harshenka ya sarƙe, ka sauya kalmar. Rubutun kunne daban yake da rubutun ido, domin mai sauraro ba zai koma baya ya sake duba layin da ya wuce ba. Shi ya sa ma a takardar mai karatu ake rubuta adadi da kalmomi, miliyan uku da dubu ɗari biyu, don kada ya tsaya yana ƙirga sifiri, amma a fuskar bidiyo a nuna shi da lambobi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki wani gari da rijiyar burtsatsensa ta tsaya. Farashin da zan kawo misali ne kawai don a ga yadda ake lissafi, domin kuɗin kaya na sauyawa daga wata zuwa wata. Kwamiti ya kira mai gyara, ya gwada ramin, ya rubuto musu takardar kuɗi: injin jawo ruwa mai aiki da hasken rana, wanda masu sana'ar ke kira sumo, naira 1,200,000, farantan sola shida da ƙarafan ɗora su, 1,000,000, tanki mai cin lita 5,000, naira 600,000, bututu da kawunan famfo da kuɗin aiki, 400,000. Jimla 3,200,000. Mutanen gari sun haɗa 800,000. Abin da ya rage 2,400,000.

Sai bayan an sami wannan takarda ake fara rubutu. Wanda ya rubuta jawabi kafin ya san farashi, ƙarshenta zai ce "kuɗi masu yawa", kuma babu wanda ya san yadda ake cike kuɗi masu yawa. Ga yadda jawabin zai kasance. Inda na sa wane da kaza, nan ne sunaye da ranaku na gaskiya za su shiga:

"Assalamu alaikum 'yan uwa na nesa da na kusa. Ni ne wane, ɗan gidan wane, ma'ajin ƙungiyar ci gaban garin kaza. Yau Juma'a, kaza ga watan kaza, shekara kaza.

"Wannan rijiyar burtsatse ta bakin kasuwa ce, wadda kuka sani. Wata huɗu ke nan ba ta ba da ruwa ba. Injin da ke jawo ruwan ya ƙone, tankin kuma ya fashe.

"Yanzu ruwa sai rijiyar fadama. Mun auna tafiyar da agogo: minti arba'in zuwa, minti hamsin dawowa da jarka a ka. Yaran da ke ɗebowa da safe ba sa samun darasin farko a makaranta.

"Mun kira mai gyara ya gwada ramin. Ramin lafiya lau, ruwa na nan. Abin da ake bukata huɗu ne: sabon inji mai aiki da hasken rana, farantan sola shida, tanki mai cin lita dubu biyar, sai bututu da kuɗin aiki. Jimla naira miliyan uku da dubu ɗari biyu.

"Ba mu zauna jira ba. Mutanen gari sun haɗa dubu ɗari takwas, matasa kuma sun ɗauki haƙan hanyar bututu kyauta. Saura miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Idan mutum arba'in da takwas suka ba da dubu hamsin-hamsin, an gama. Wanda ya ba da ƙasa da haka, Allah ya ga niyyarsa, kuma za ta shiga lissafi.

"Asusun da sunan ƙungiya yake, ba da sunan mutum ba. Sunan shi ne kaza, a bankin kaza. Kuɗi ba ya fita sai mutum uku sun sa hannu: ni, da liman, da shugabar mata. Wannan sadaka ce, ba zakka ba.

"Za mu rufe karɓa ranar kaza. Kowace Juma'a za mu sanya lissafi a zauren garinmu. Abin da ya yi rara zai zauna a asusun gyara. Ranar da ruwa ya zubo, za ku gani da idonku. Allah ya saka da alheri, ya dawo mana da ku lafiya."

Kalmomin nan ba su kai 300 ba. Yanzu mu duba abin da kowane sashe ke yi.

Sallama layi ɗaya ce, sannan mai magana ya faɗi ko shi wane ne har da gidansu. A wurinmu mutum da gidansu ake saninsa, kuma wanda ya ambaci sunan mahaifinsa a bainar jama'a ya jingina mutuncin gidansu ga maganar. Gaisuwar manya tana da muhimmanci, amma wurinta ƙarshen bidiyo, a rubuce, tare da godiya. Ranar da aka faɗa da baki ita ma tana da aiki babba. Bidiyo ba ya mutuwa a waya. Akwai bidiyoyin marasa lafiya da ke yawo shekara biyu bayan an sallame su, ko bayan Allah ya yi musu rasuwa, mutane suna ta tura kuɗi. Kwanan wata da ranar rufewa su ne maganin wannan.

Sashe na biyu da na uku suna nuna matsalar da abin da ake iya aunawa. Ba a ce mata da yara suna cikin mawuyacin hali ba. An ce minti arba'in zuwa, minti hamsin dawowa. Bambancin minti goman nan shi ne nauyin jarka, domin jarka mai lita 25 idan ta cika nauyinta kilo 25 ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye wuyansa ya san wannan nauyi. A nan hoton zai nuna yarinya tana ɗaura gammo, ana ɗora mata jarkar, ruwa yana ɗiga a kafaɗarta. Muryar ba ta bukatar ta ce abin tausayi ne. Ƙa'idar ita ce kada baki ya maimaita abin da ido ke gani. Hoto ya nuna jarka, murya ta faɗi minti nawa.

Jimlar da ta ce ramin lafiya lau tana amsa wata tambaya da mai hankali zai yi a zuci: idan na ba da kuɗin inji, ashe ba ramin ne ya ƙafe ba? Yawancin masu neman taimako suna bayyana ciwo su manta da nuna cewa maganin da suka kawo zai yi aiki. Idan mara lafiya ne, a faɗi abin da likita ya ce za a yi da kuɗin da asibiti ya rubuta. Idan aji ne, a faɗi cewa bango na da ƙarfi, rufi ne kawai iska ta yaye.

Sai maganar abin da gari ya haɗa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na waje yana so ya san ba a mai da shi saniyar tatsa ba, cewa na gida ma sun sa hannu a aljihu. Ko da abin da aka haɗa kaɗan ne, a faɗe shi, kuma a ƙirga aikin ƙarfi da yashi da ruwan gini a matsayin gudummawa. Daga nan sai a gutsuttsura abin da ya rage. Miliyan biyu da dubu ɗari huɗu dutse ne a gaban mai albashi. Dubu hamsin kuwa abu ne da zai iya cewa nawa ne wannan, har ya kira abokinsa ya ce ka ɗauki ɗaya in ɗauki ɗaya.

Kalmomin kuɗi da ke rikita mutane

Adadi shi ne inda jawabi ya fi zamewa idan ya tsallaka iyaka. A Nijar mutane suna ƙirga sefa da dala, kuma dala ɗaya tana nufin sefa 5, jaka kuma sefa 1,000. Idan dattijo a Maraɗi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, amma jikansa da ke New York zai ji dalar Amurka ashirin. A Ghana an sauya kuɗi a 2007, aka yanke sifiri huɗu, amma har yau akwai masu cewa miliyan ɗaya suna nufin sidi 100 na yanzu. Saboda haka duk adadin da za a faɗa, a haɗa shi da sunan kuɗinsa, a kuma nuna shi da lambobi a fuskar bidiyo.

Shin a faɗi kwatankwacinsa da kuɗin waje? Ya danganta. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka ƙungiya a Damagaram za ta iya faɗin adadin da yuro ba tare da fargaba ba. Naira kuwa, tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023, farashinta na hawa da sauka. Abin da ya fi shi ne murya ta tsaya a kan naira, a rubuta kwatankwacin da riyal ko fam ko dala a saƙon da ke rakiyar bidiyon, tare da ranar da aka yi canjin. Sauya saƙo abu ne na minti ɗaya, sake ɗaukar murya kuwa aiki ne.

Lambar asusu doguwa ce, a bar ta a rubuce ta daɗe a fuskar bidiyo yadda mutum zai iya kwafa. Amma sunan asusun da sunan bankin dole a faɗe su da baki. Dalili shi ne 'yan damfara suna ɗaukar bidiyon gaskiya su rufe lambar da tasu, su sake turawa. Rufe rubutu abu ne mai sauƙi a gare su, sauya muryar ma'aji ya fi wuya. Wanda ya ji sunan ƙungiya da kunnensa, ya sa lamba ya ga sunan wani mutum ya fito, zai tsaya. A Najeriya ƙungiya takan yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kafin banki ya buɗe mata asusu da sunanta. Idan ba a kai ga haka ba, a buɗe asusun haɗin gwiwa na mutum biyu ko uku, a faɗi sunayensu duka.

Kada ka jefa ɗan uwanka cikin matsala

Akwai jimlar da masu rubutu ke son sakawa: muna roƙon 'yan uwanmu na ƙasa kaza su kafa kwamiti su tara mana. Wannan jimla tana iya zama masifa ga wanda aka faɗa wa. A Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa doka ta hana tara gudummawa daga jama'a ba tare da izinin hukuma ba, kuma baƙo da aka kama yana yin haka yana iya fuskantar tara ko ɗauri, har ya rasa zamansa. Saboda haka kada jawabi ya naɗa wani mazaunin can wakilin karɓar kuɗi, kada kuma a sa lambar wayarsa a bidiyo. Kowa ya san dokar inda yake zaune, a bar masa ya bi hanyar da ta halatta gare shi.

A Birtaniya da Amurka kuwa mutane sun saba da shafukan tara gudummawa irin su GoFundMe da LaunchGood. GoFundMe ba ya barin a buɗe gidauniya daga Najeriya ko Nijar, sai dai wani mazaunin ƙasar da shafin ke aiki ya buɗe, kuɗin ya shiga hannunsa ya turo. Idan haka za a yi, jawabin ya faɗi sunansa da dangantakarsa da garin, da yardarsa, domin kada mai bayarwa ya ga baƙon suna ya yi zargi.

Maganar zakka ma haka take. Da yawa daga na waje suna fitar da zakkarsu a watan Ramadan, suna neman inda za su kai. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas na masu cin zakka, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya, suna kan cewa ba a gina masallaci ko rijiya da ita. Idan aikin na rijiya ne, a ce sadaka ce mai gudana. Idan na ciyar da mabukata ne ko biyan bashin asibitin talaka, a tambayi malamin gari kafin a rubuta cewa zakka ta halatta. Jimla ɗaya ce, amma tana kare ibadar mutum.

Mutuncin wanda ake nema domin sa

Babban jarrabawar mai rubutu ita ce ya ga cewa kuka na jawo kuɗi, ya ƙi amfani da shi. Bayan ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, da ta Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, wayoyi sun cika da bidiyoyin neman taimako. Wasu sun nuna gidajen da suka rushe da abin da ake bukata. Wasu kuwa sun kafa kyamara a fuskar uwa tana kukan ɗanta. Wannan uwa za ta ci gaba da rayuwa a unguwarsu, 'ya'yanta za su girma su ga bidiyon.

Kafin a ɗauki kowa, a gaya masa inda bidiyon zai je, a kuma gaya masa cewa in ya fita ba ya dawowa. Yaro sai da izinin iyayensa. Mara lafiya a rufe masa jiki, a nuna takardar asibiti a maimakon rauni, a rufe lambobin da ke kanta. A cikin rubutu a guji kalmomin da ke ƙasƙantar da mutum. Maimakon "wannan baiwar Allah ba ta da kowa ba ta da komai", a ce "tana sana'ar ƙosai shekara goma, ciwon nan ne ya zaunar da ita". Na biyun gaskiya ne, kuma yana nuna mace mai neman na kanta wadda za ta tashi in an tallafe ta. Idan za ta iya magana, a ba ta daƙiƙa goma ta faɗi bukatarta da bakinta.

Haka kuma kada a yi wa na waje gori. Jimloli irin su "kuna can kuna jin daɗi kun manta da gida" suna rufe zuciya, kuma sau da yawa ba gaskiya ba ne. Wani yana kwana su shida a ɗaki ɗaya, wani yana aikin dare cikin sanyi don ya aiko da na cefane. A yi masa magana a matsayin ɗan gari mai haƙƙi a rijiyar, wanda mahaifiyarsa ma daga nan take sha.

Ɗaukar murya da cika alkawari

Wanda zai karanta ya zama mutumin da gari ya yarda da shi, ko da muryarsa ba ta gidan rediyo ba ce. A shiga ɗaki mai katifa da labule, domin ɗakin da babu kaya yana amsa kuwwa. A kashe fanka, a jira janareton maƙwabta ya yi shiru, a riƙe waya kimanin taƙi ɗaya daga baki. A ɗauki murya tukuna, sannan a jera hotuna a kanta, jimla da hotonta. Ba dole sai an sa kiɗa ba. Ƙarar guga a rijiya da hayaniyar kasuwa sun fi kiɗa kai mutum gida, kuma akwai masu bayarwa da ba sa son kiɗa a aikin sadaka.

Kafin a saki bidiyon, a tura wa mutum ɗaya a waje wanda bai san zancen ba. Bayan ya kalla sau ɗaya, a yi masa tambaya huɗu: me ya lalace, nawa ake nema, wa ke riƙe da kuɗin, yaushe za a rufe? In ya amsa duka, jawabin ya yi. In ya kasa ɗaya, a koma kan takarda.

Sashen ƙarshe na jawabin alkawari ne, kuma alkawari kaya ne. An ce kowace Juma'a za a sa lissafi, to a sa, ko da abin da ya shigo a makon dubu biyar ne. A nuna rasit na injin, a nuna ranar da aka ɗora tanki. Idan farashi ya tashi ko aiki ya tsaya, a faɗa kafin a tambaya. Sannan a rubuta jawabi na biyu, gajere, na minti ɗaya: ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga abin da ya rage, ga ruwa yana zuba. Tankin nan mai lita 5,000 jarka 200 ne a cika ɗaya, kuma wanda ya ba da dubu hamsin daga Jidda ya cancanci ya ga jarkokin a layi a bakin kasuwar garinsu.

Ya kai mai riƙe da alƙalamin ƙungiya, kafin ka kunna waya ka sami takardar farashi, ka sami asusu mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, ka nemi izinin waɗanda za a nuna. Sannan ka rubuta shafi ɗaya wanda babu jimlar da za ka ji kunyarta ranar da ɗan uwanka ya dawo gida ya ce a kai shi ya gani. Garin da ya cika alkawarin bidiyon farko ba ya shan wahalar na biyu.